Ƙannena, ku zana sandar kafin ku taɓa lissafin dayifol

Tambayar dayifol ce ta kayar da ni a jarrabawar fizis ta ajin farko a jami'a, har yau abin na cina a rai, don fomula duk na haddace ta, hoton ne babu a kaina.

Ga yadda tambayar take. Caji biyu, +2 μC da −2 μC, a bakunan sanda marar nauyi mai tsawon santimita 4, kowanne a kan ɗan ƙwallo mai giram 1, an saka su cikin fil ɗin lantarki da yake daidai ko'ina, E = 5×10⁴ N/C. Irin wannan haɗin na caji mai + da mai − masu girma ɗaya shi ne dayifol. Aka ce mu nemo aikin juya sandar daga digiri 0 zuwa 180, da kuma lokacin lilonta in an ɗan karkata ta. To girman dayifol ɗin, wato caji sau tsawon sandar, shi ne p = qd = 8×10⁻⁸ C·m, kibiyarsa daga caji mai − take tashi ta nufi mai +. Fil ɗin na tura ɗaya gaba yana jan ɗaya baya da ƙarfi iri ɗaya, shi ya sa sandar ba ta matsawa ko'ina, murɗawa kawai take yi, kamar mutum biyu sun kama tabarya kowa na turawa ta gefensa. Murɗawar ita ce τ = pE sinθ, θ kuwa ita ce kusurwar da ke tsakanin p da E.

Kuskurena na farko, na yar da alamar ragi a fomular makamashi, U = −pE cosθ, na ɗauka ado ce. Wallahi ba ado ba ce. Ita ke nuna maka idan p ya bi layin E makamashin ya sauka ƙasa ƙurmus, −pE, nan sandar ke hutawa. A digiri 180 ma τ sifili ne, amma makamashi na sama, ka ɗan taɓa ta sai ta wuntsila. Don haka aikin juya ta daga 0 zuwa 180 shi ne 2pE = 8×10⁻³ J, ni kuwa amsata ta fito da ragi kuma ban ko tsaya na tambayi kaina ba, ya za a yi in juya abu daga inda yake hutawa ban kashe ƙarfi ba?

Na biyun ya fi min ciwo. In ka ɗan karkata sandar ka saki lilo take yi, kuma ga ƙaramar kusurwa sinθ ≈ θ, sai ka samu lokacin lilo ɗaya, T = 2π√(I/pE), I kuwa ya danganta da nauyin ƙwallayen da nisansu daga inda sandar ke juyawa. Wajen neman I na saka santimita 4 gaba ɗaya, alhali a tsakiyarta take juyawa, kowane ƙwallo santimita 2 ne tsakaninsa da tsakiya. Daidai shi ne I = 2m(d/2)² = 8×10⁻⁷ kg·m², T kusan sakan 0.089. Ni 0.18 na rubuta, ninki biyu cif, da na zana sandar na ɗiga tsakiyarta da tuni na gani.

Sannan θ ɗin nan a radiyan ne fa, ku duba kalkuletarku. A digiri 10, 0.1745 da 0.1736 kusan ɗaya ne, amma a digiri 60 kuna da 1.047 da 0.866, nan lilon ya fi abin da fomular ta ba ku jinkiri, kar ku yi amfani da ita.