Dutsen goge kaushi ne ya kwantar da ni

Har yanzu in na tuna da dutsen nan sai raina ya ɓaci, domin da hannuna na jawo wa kaina.

Ni tela ne a Tudun Wadan Zariya, kuma shekara tara ke nan ƙafata ta hagu tana fama da tundurmi. Da fari kumburin yamma ne kawai, in na danna da yatsa ya lotsa, in na kwana ya saɓe. Daga baya ya daina saɓewa. Fatar ta yi kauri ta yi duhu, ta daina lotsawa, ta ninke a idon sawu, sannan wasu ƙananan ƙulle-ƙulle masu kaushi suka fito a bayan yatsu. Waɗannan ne suka fi tsaya mini a rai, don ko alwala nake a masallaci sai na ga yara suna leƙe.

Ana saura kwana uku bikin ƙanwata, cikin hunturu, na tafasa ruwa na jiƙa ƙafar, na ɗauki dutsen goge kaushi na dirje wurin iya ƙarfina. Ya yi sumul, har da ɗan jini, ban ɗauke shi komai ba. Daren jajibiri sanyi ya kama ni ina karkarwa, kaluluwa ta taso a matsematsina, ƙafar ta yi ja, ta yi zafi, ta ƙara kumbura. Na sha maganin maleriya kamar yadda na saba. Ban ga ɗaurin aure ba. Kwana shida na yi a kwance, da na tashi fatar ta yi ta saɓulewa, ƙafar kuma ba ta koma yadda take ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta buɗe mini ido. Ta ware yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta nuna mini wani farin wuri da ya jiƙe ya tsage tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Ta ce, "Malam, ga ƙofa nan a buɗe, ka kuma sa dutse ka ƙara wasu. Zazzaɓin naka ba na maleriya ba ne." Ta ce tsutsar da sauro ya sa mini ta riga ta lalata hanyoyin da ke kwashe ruwa daga ƙafar tun tuni. Abin da ke ƙara mata girma yanzu ƙwayoyin cuta ne da ke shiga ta tsaga ko faso, kuma duk zazzaɓin da ya zo sai ya bar ƙafar ta fi da. Na zauna na ƙirga, a shekarar kaɗai sau huɗu na yi, duk ina cewa maleriya. Ivermectin da albendazole da ake rabawa gida-gida ina sha, amma aikinsu kashe 'ya'yan tsutsar da ke cikin jini, ba sa saɓe ƙafar da ta riga ta yi kauri.

Yanzu safe da dare ina wankewa da sabulun wanka mara ƙamshi da ruwa mai tsafta, ba mai zafi ba, da hannu ko tsumma mai laushi. Wankin ba shi da wuya, tsanewa ce aikin. Ina da ƙyallayen auduga ragowar ɗinki, ina zura su tsakanin yatsu da cikin ninkin fata ina dannawa a hankali har su fito a bushe. Inda ya yi fari na shafa clotrimazole, maganin cin ruwa. Man shafawa kuwa dunduniya da ƙwauri kawai nake sa wa saboda faso, ban da tsakanin yatsu, don can danshi ne abokin gaba. Da dare na sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen sawu. A shago kuma in ina aikin hannu na ɗora ƙafar a kan benci, ina jujjuya idon sawu. Takalmi sai da na ba da aka ɗinka mini mai faɗi, silifas ya sha yanka ni.

Cikin wata goma sha huɗu sau ɗaya zazzaɓin ya dawo, da damina, bayan na taka taɓo. Wannan karon na jiƙa tsumma da ruwan sanyi na ɗora, na daina motsa ƙafar, na sha farasitamol da ruwa da yawa, ranar nan na je aka rubuta mini maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kwana biyu na koma kan keke.

Ƙulle-ƙullen suna nan, ban ƙara taɓa su ba. Makon jiya wani dattijo mai irin ƙafata ya kawo ɗinki, yana gaya mini wai zai je wanzami ya yi masa tsaga ya fitar da ruwan. Na ajiye almakashi na ce, "Baba, don Allah cire takalmin nan in ga tsakanin yatsunka tukuna."