Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Magaribar Juma'a

Wancan makon mun tsaya inda na samu aiki a wani ƙaramin kamfani a Gawon Nama, masu yi wa makarantun kuɗi manhajar biyan kuɗin zango. Wata na huɗu ke nan, har na fara jin kaina gwani.

Ranar wata Juma'a ce cikin Afrilu, ana irin zafin nan na Sakkwato da fanka ke huro maka wuta. Kowa ya watse, saura ni. Oga ya bar mini saƙo in share bayanan gwaji guda 12 da suka shiga teburin biyan kuɗi. Na rubuta a pgAdmin, manhajar da muke ba rumbun bayanai umarni da ita:

```sql
DELETE FROM payments
WHERE school_id = 0;
```

Umarnin nan lafiyarsa ƙalau. Hannuna ne ya cuce ni. Ina sauri in samu Magariba, linzami ya haskaka layin farko kaɗai, shi kuwa pgAdmin abin da ka haskaka shi yake zartarwa, kuma layin farko in babu na biyu teburin gaba ɗaya yake sharewa. Na danna F5.

Amsa ta fito: `DELETE 18406`.

Sha biyu nake jira. Na daɗe ina kallon lambar nan kafin gumi ya keto mini. Hannu na rawa na buga `ROLLBACK` don in maido da abin da na share, ya ce `there is no transaction in progress`. Dalili kuwa, ban buɗe da `BEGIN` ba, don haka kowane umarni yana gamawa yake tabbata, babu komawa. Ana kiran salla, ni kuwa ban ma san ana yi ba.

Na yi minti goma ina shawarar in kashe waya. Daga baya dai na kira.

"Oga, na yi ɓarna."

"Mi kay yi?"

Na faɗa mishi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Rufe shafin biya, kar ka sake taɓa komi. Tai ka yi salla, ina nan tahe."

Akwai ajiyar da `pg_dump` ke ɗauka kullum ƙarfe biyu na dare. Oga bai zuba ta kan rumbun da ke aiki ba, don hakan zai shafe aikin yinin na sauran tebura. Sabon rumbu ya buɗe, ya zuba ta ciki, ya kwaso teburin nan ɗaya. Layi 18,263 suka dawo.

Saura 143, wato duk wanda ya biya daga biyun dare zuwa Magariba. Ajiya ba ta san da su ba. Da takardar bayanan banki muka bi su ɗaya ɗaya, ni ina karanto lamba yana shigarwa, janareta na ƙugi, har bayan ƙarfe ɗaya. Muka samu 141.

Biyun da suka rage a hannu aka biya, rasit kawai aka yanka. Ɗaya daga cikin iyayen ne ya iske mu ofis ranar Litinin da rasit ɗinsa, an koro 'yarsa daga aji. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.