Minti uku kafin a kunna majigi

Daren Alhamis ne jami'ar lafiya ta ƙaramin asibitin unguwarmu, wadda kowa ke kira Sista, ta turo mini fayil ɗin PowerPoint ta WhatsApp. Shafi ashirin da biyu ne, duk da Turanci, a kan maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara gida-gida da damina. Ta ce ranar Asabar bayan la'asar za ta yi bayani a ƙofar gidan mai unguwa, kuma shugaban kwamitin lafiya ne zai buɗe taro. Ni ne sakataren kwamitin, don haka rubuta masa jawabin maraba ya faɗo a kaina. Ta ƙara da cewa, "Malam, duk abin da kake buƙata yana ciki."

Na ɗauki maganarta yadda ta faɗe ta. Na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ina mayar da su Hausa: yadda sauro ke yaɗa cutar, cewa Najeriya ce ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya, cewa a shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran yankin Sahel wannan magani, sunayen ƙwayoyin, da sauransu. Da na gama sai ga shafi biyu da rabi na takarda, na kuwa ji daɗin aikina.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kai wa shugaban kwamiti. Dattijo ne da ya yi shekaru yana koyarwa, muna ce masa Baba. Ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe bai katse ba, sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, ka yi ƙoƙari. To amma in na faɗi wannan duka, ita Sista me za ta tashi ta faɗa?"

Gaskiyarsa. Abin da na rubuta laccar Sista ce aka rage mata tsawo aka ɗora mata sallama a kai. Wanda ya buɗe taro da irin wannan ya ci da rabon babban mai jawabi, domin in ta tashi mutane za su ji kamar maimaici take yi, hankalinsu ya koma kan wayoyinsu da hirar gona. Ga shi kuma tsakanin la'asar da magariba lokaci kaɗan ne, mata na son komawa su ɗora tukunya. Baba ya ba ni iyaka: minti uku. Na gwada karantawa da ƙarfi a hankali, yadda dattijo zai yi da lasifika a hannu, na ga minti ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce kalma ɗari da 'yan kai. Ke nan duk jawabin, har da gaisuwa, kada ya haura kalma ɗari uku.

Sai na koma kan shafukan da wata tambaya dabam. Na daina neman abin da ya fi girma a cikinsu, na shiga neman abin da nake so mutum ya tafi gida da shi ko da ya tashi kafin Sista ta fara. Amsar ba ta cikin shafukan farko masu manyan alƙaluma. Tana can shafi na goma sha huɗu, a wani ɗan layi ƙarƙashin hoton fakitin maganin da ake rubuta wa SPAQ. Kowane zagaye kwana uku ne. A rana ta farko masu rabo ne ke ba yaro ƙwayoyi biyu a gabansu, fara ɗaya da rawaya ɗaya. Sauran rawaya biyun a hannun uwa ake bari, ta ba shi ɗaya washegari, ɗaya jibi. Bayan kwana ashirin da takwas a sake dawowa, haka har damina ta wuce, a wurinmu zagaye huɗu daga Yuli zuwa Oktoba.

Duk wanda ya taɓa bin masu rabo ya san a nan ne aikin ke lalacewa. Ranar farko ba ta da matsala tunda ana tsaye a kai. Amma ka shiga gida a zagaye na biyu ka ga fakitin watan jiya a kan taga ko cikin kwalla, ƙwayoyi biyu na nan ba a ɓalle ba. Wata uwar ta manta. Wata ta ga yaro lafiyarsa ƙalau, ta ajiye sai ranar da jikinsa ya yi zafi. Wata kuma ta raba wa yayansa ɗan shekara bakwai don kada a bar shi a baya, alhali awon ƙwayar na ƙaramin yaro ne, ta rage wa ƙane ba ta wadatar da wa ba. Wannan layi guda shi ne ya cancanci bakin dattijo. Sauran shafi ashirin da ɗaya na bar wa mai su.

Darasi na biyu ya fi yi mini nauyi, domin saura ƙiris in sa Baba ya faɗi abin da ba haka yake ba. A shafin Sista an rubuta cewa a gwaje-gwajen da aka yi, maganin ya rage kamuwa da zazzaɓi da kimanin kashi 75 cikin ɗari. Ni kuma don in sauƙaƙa sai na rubuta, "Yaron da ya sha ba zai yi zazzaɓi ba." Na tura mata ta duba, nan take ta kira ni. Ta ce, "Malam, cire wannan. In Baba ya faɗi haka a gaban mai unguwa da liman, ranar da wani yaro ya sha kuma ya kwanta, uwarsa za ta ce ƙarya muka yi, ba za ta sake buɗe mana ƙofa ba. Abin da ya fi wannan muni, wata za ta ga jikin ɗanta da zafi ta ce ai ya sha magani, ta ƙi kawo shi a gwada." Muka daidaita a kan "yana rage zazzaɓi ƙwarai, amma bai ɗauke kwana a gidan sauro ba." Tun daga ranar, duk jimlar da ta shafi magani ko alƙalami sai mai shafukan ta gani kafin ta shiga jawabi. Sauƙaƙa magana halal ne, amma a wajen sauƙaƙawar ne alkawarin da ba a yi ba yake saɗaɗowa.

Haka muka yi da shekarun yaran. Shafin ya ce wata 3 zuwa 59. Ba wanda ke ƙirga shekarun ɗansa da wata hamsin da tara, sai na mayar da shi "daga ɗan wata uku har zuwa wanda bai cika shekara biyar ba." Kalmar rigakafi ma na kauce mata, domin a kunnen mutanenmu allura ce ko ɗigon foliyo, wani kuma da ya ji ta ya riga ya yanke hukunci. Na rubuta ƙwaya da ake narkawa a ɗan ruwa.

Abin da babu shi a shafi ko ɗaya, kuma shi ne rabin jawabin, gaisuwa ce. A nan Baba ne malamina. Na sa sunan jami'ar lafiya a farko don ita ce baƙuwa, ya gyara: mai unguwa tukuna tunda ƙofar gidansa ce, sai liman, sai dattawa, sannan baƙi. Ya kuma ce in ware wa mata layinsu, kada in cusa su cikin "da sauran jama'a," domin suna zaune can baya a kan tabarmi kuma maganin a hannunsu zai kwana. Ga abin da ya karanta bayan liman ya yi addu'a:

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe mai unguwa, mun gode da ka ba mu ƙofar gidanka. Allah gafarta Malam, mun gode da addu'a. Dattawanmu, sannunku da fitowa. Iyayenmu mata da ke can baya, ku ne kan gaba a taron yau, ku matso inda za ku ji sosai. Sista da abokan aikinta, barkanku da zuwa.

"Damina ta kankama, kowa ya san abin da take zuwa da shi bayan albarkar gona. Ba gidan da bai taɓa kwana a zaune da yaro mai zafin jiki ba. Mako mai zuwa 'ya'yanmu na unguwar nan za su bi gida-gida da ƙwayar kariya da ake narkawa a ɗan ruwa, kyauta, don yara daga ɗan wata uku har zuwa wanda bai cika shekara biyar ba. Tana rage zazzaɓi ƙwarai, amma ba ta ɗauke kwana a gidan sauro ba. Roƙona ɗaya ne. Maganin na kwana uku ne. Su za su ba da na farko, na biyu da na uku amana ce a hannunku. Masu gida, in kun dawo da yamma ku tambaya ko an ba yaro na yau. Wane yaro ne bai kamata ya sha ba, me za a yi in ya yi amai, duk Sista za ta yi bayani, kuma kowa ya yi tambaya ba kunya. Sista, bismillah."

Da gangan na bar tambayoyin nan biyu a buɗe. Amsarsu na da sharuɗɗa: yaron da ke cikin zazzaɓi a ranar ba a ba shi sai an kai shi an gwada jininsa, wanda ke shan Saftirin ko jikinsa ba ya karɓar irin wannan magani shi ma ba a ba shi. Irin wannan bayani na mai sani ne, wadda za a iya tsayar da ita a sake tambaya. Aikin Baba shi ne ya sa a ji ana son amsar.

Ranar taron majigin bai yi amfani ba. An kafa farin ƙyalle a jikin katanga, amma hasken yamma ya rinjayi hoton, ba a ganin komai sai inuwa-inuwa. Sista ta rufe kwamfutarta, ta zaro fakiti ɗaya daga jaka ta ɗaga sama, ta fara daga daidai inda Baba ya tsaya, tana nuna farar ƙwaya da rawaya uku da yatsa. Ba ta kai ƙarshe ba wata mata mai goyo ta miƙe daga kan tabarma ta ce, "Sista, Baba ya ce za ki faɗi na amai. Nawa ɗan ko ruwa aka ɗura masa sai ya dawo da shi." Sista ta ce masu rabo za su ɗan dakata bayan sun ba shi, in ya amayar cikin rabin awa a bari ya huta kaɗan a sake ba shi sau ɗaya, kuma kada a ɗura masa yana kwance ko yana tsala kuka. Matar ta zauna, wasu hannaye uku suka tashi a bayanta, aka yi ta tambaya har ladan ya kira magariba.