Takobi Bakwai da Wata: yadda nake gano mutum na uku a shimfiɗar soyayya

Kartar taro, wato kartar da ake duba da ita, tana da kati 78, manya 22 da ƙanana 56. Ƙananan sun kasu gida huɗu: Takobi, Kofi, Kuɗi da Sanda. Ina aiki da zanen Pamela Colman Smith na 1909, don kartar Marseille, wadda masu karatun Faransanci a nan Yamai suka fi sani, ba ta da hoton mutum a kan Takobi Bakwai, takubba ne kawai. Aikin nan kuwa sai da hoton.

A Takobi Bakwai na zanen Smith, wani mutum ne yake sanɗa daga sansani rungume da takubba biyar, ya bar biyu kafe a ƙasa, yana waiwaye. Wannan ɓoyo ne na ganganci, mai shi ya san abin da yake yi. Wata, wato watan sama, kati na 18, dabam ne: hasumiya biyu, kare da kyarkeci suna haushi, wata halitta mai kama da ƙaguwa tana fitowa daga ruwa. Shi duhu yake nunawa, inda ido ba ya rarrabe gaskiya da zargi.

Kati biyar nake shimfiɗawa daga hagu zuwa dama, bayan mai tambaya ta cakuɗa kartar ta raba ta kashi uku: na ɗaya ita, na biyu masoyinta, na uku abin da ke tsakaninsu, na huɗu abin da ke ɓoye, na biyar abin da ke shigowa daga waje. Ba na yarda da tambayar "wa yake nema?", domin ta riga ta yanke hukunci. Mukan ce, "Mene ne ban gani ba a wannan zama?"

Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne, da na ga katunan biyu tare sai in ce akwai wata mace. Gurbi ne ke magana. In Wata ya faɗa gurbi na ɗaya, duhun a zuciyar mai tambaya yake: tsoro, rashin barci, maganar da ƙawa ta kawo. In Takobi Bakwai ne ya zauna nan, ita ce ke yin wani abu a ɓoye, sau da yawa binciken salularsa yana barci. Ba na fara zancen mutum na uku sai Takobi Bakwai yana gurbi na biyu, Wata kuma a na huɗu ko na biyar.

Ko a nan ma ɓoyo kawai aka nuna, ba a nuna mutum ba. Bashi ma ɓoye shi ake yi, haka rasa aiki. Sai in ja kati ɗaya tak in ɗora kan Wata. Kofi Uku, Takobi Uku, ko wata Sarauniya da ba ta dace da mai tambaya ba, su ne ke nuna mutum. Kuɗi Biyar ko Sanda Goma kuwa talauci ne da nauyi. Kada a ja na biyu da na uku: wanda ya yi ta ja, ƙarshe zai ci karo da Sarauniya, tunda huɗu ne a cikin kartar.

Wata baiwar Allah ƴar Tawa ta zo min, an yi mata baiko, saurayin ya tafi biɗa Abijan, kiran da yake yi kullum ya koma sau ɗaya a mako. Kofi Biyu ya fito a gurbinta, Takobi Bakwai a nasa, Kuɗi Huɗu a tsakiya, Wata a na huɗu, Sarauniyar Kuɗi a na biyar. Katin da na ɗora kan Wata ya zo Kofi Shida, katin ƙuruciya da gida.

Ta ce, "Yaya, wata ya samu a can ko?"

Na ce, "Ƙanwata, dubi ƙafarsa." Mai takubban hagu ya nufa, wajen katinta, yana waiwayen dama inda Wata da Sarauniya suke. Ba wurin wata yake gudu ba, wani abu yake baro wa a baya yana tsoron a gan shi. Sarauniyar Kuɗi a shimfiɗata ta fi nuna babbar mace mai riƙe da gida, kuma Kofi Shida ya mayar da maganar cikin dangi. Na gaya mata akwai hannun wata, amma ya fi kama da na uwa ko gwaggo, ba na budurwa ba. Ban ba ta suna ba, kati ba ya ba da suna, kuma ba shaida ba ne da za a kai gaban iyaye. Na ce ta tambaye shi abu guda: me ake faɗa a gidansu game da auren?

Bayan mako biyu ta aiko min da saƙon murya. Mahaifiyarsa ce ta matsa masa ya auri ƴar ƙanwarta, kuɗin da yake aikowa na sadaki kuma a hannunta suke tsayawa, shi ya rasa bakin faɗa. Kuɗi Huɗu da ke tsakiya, mutumin da ya rungume kuɗinsa ya ƙi saki, a ranar na ɗauke shi rowar saurayin ce. Yanzu in ya fito a gurbi na uku, sai na tambayi ta hannun wa kuɗin ke bi.