Aji ya tashi da maki biyar, amma yara 11 sun sauka: abin da zanen gangare ya nuna mana

Ina koyar da lissafi a aji biyu na wata ƙaramar sakandare a Argungu. A zangon farko na yi wa ajina gwaji biyu, ɗaya a farkon zango, ɗaya gab da jarabawa. Matsakaicin makin ajin ya tashi daga 46 zuwa 51 cikin ɗari. Lamba ce mai daɗin faɗa a taron malamai, sai dai ba ta gaya maka wane yaro ne ya tashi, wane ne ya zame. Shi ya sa na yi zanen gangare.

Zanen ba shi da wuya. Layi biyu ne a tsaye, na hagu gwajin farko, na dama gwaji na biyu, kowanne daga 0 a ƙasa zuwa 100 a sama. Kowane yaro za ka ɗiga masa makinsa a hagu, ka ɗiga a dama, ka haɗa ɗigon biyu da rula. Wanda layinsa ya haura ya ci gaba, wanda nasa ya gangara ya koma baya. A takardar giraf na fara yi, milimita biyu ga kowane maki, tsawon ya kama santimita 20 ke nan, ya shiga takarda ɗaya lafiya lau.

Kafin a ja layi ko ɗaya akwai aikin da ya fi zanen muhimmanci. Gwajin farko bisa 20 na yi shi, na biyu bisa 40, don haka dole a mayar da su ma'auni guda. Ɗauki yaro mai lamba 19 a rajista. Ya ci 17 a na farko, 26 a na biyu. In ka zana ɗanyen makin haka, layinsa zai haura sama, ka ce ma sha Allah. Alhali 17 bisa 20 kashi 85 ne, 26 bisa 40 kuwa kashi 65. Yaron ya faɗi da maki 20 cif. Mai lamba 31 ya ci 11, sannan 22, wanda ido zai ce ya ninka, amma 55 ne da 55, ko motsi bai yi ba.

Sai batun waɗanda ba su zauna duka biyun ba. Yara 48 ne a rajista, biyar sun rasa ɗaya daga cikin gwaje-gwajen, yawanci saboda na biyun ya faɗo lokacin girbin shinkafa a fadama. Waɗannan na cire su, na rubuta a ƙasan takarda cewa an cire biyar da dalilin cirewar. In ka sa wa yaro sifili don bai zo ba, layinsa zai faɗo kamar guga a rijiya, ya ja idon kowa a kan abin da ba faɗuwa ba ce. Matsakaicin ma da yara 43 ɗin da suka rage na lissafa shi a ɓangarorin biyu.

Da na samu kwamfuta sai na maimaita a Excel. Lambar rajista a A, ɗanyen maki a B da C, kaso a D da E:

```
=B2/20*100
=C2/40*100
```

Ka zaɓi D da E, ka shiga Insert, ka ɗauki Line with Markers. Abin da zai fara fitowa dogayen layuka biyu ne masu zigizag, ba shi kake nema ba. Danna Switch Row/Column, kowane yaro zai samu layinsa. Daga nan ka shiga Format Axis ka kafe Minimum a 0, Maximum a 100, don kada manhajar ta zaɓa maka nata ma'aunin, gobe ka ajiye zanen azuzuwa biyu gefe da gefe su yaudare ka. Faɗin zanen ma a bar shi ɗaya, domin in ka matso da layukan tsayen kusa da juna, ƙaramin canji sai ya zama hawa mai tsini.

Layi 43 masu launi daban-daban ba mai iya karanta su. Ga kuma cunkoso a hagu: gwaji bisa 20 gurbi 21 kawai yake da shi, daga 0 zuwa 100 biyar-biyar, sai ka ga yara shida sun hau ɗigo ɗaya. Na mayar da dukkan layukan ruwan toka, na ba da ja ga waɗanda suka sauka da fiye da maki 10, kore ga waɗanda suka haura da fiye da haka, su kaɗai na sa wa lamba a gefe. Na zaɓi 10 ne don a gwajin farko maki ɗaya kashi biyar yake ɗauka, saboda haka bambancin biyar ko goma bai wuce tambaya ɗaya ko biyu ba, wanda zazzaɓin dare ɗaya ya isa ya kawo shi. Sunaye kuwa ban sa ba, takarda ce da za ta yi yawo a ofishin malamai.

Abin da ya fito: 26 sun haura, 6 suna inda suke, 11 sun sauka, huɗu daga cikinsu da jan layi.

Wurin da muka daɗe muna magana shi ne ƙasan zanen. Kusan duk yaran da suka fara da ƙasa da 30 layinsu ya haura, kuma su ne muka ware wa darasin yamma bayan Azahar. Shugaban makaranta na gani ya ce, "Malam, ai ga shi nan, darasin yamma ya yi aiki." Na ce, "Ranka ya daɗe, ya yi, amma ba duka hawan nan ne nasa ba."

Ga dalili. Makin gwaji ɗaya iyawar yaro ce haɗe da sa'ar ranar. In ka tsinci waɗanda suka zo can ƙasa, ka tsinto har da waɗanda ranar ce kawai ta zo musu a karkace: wani bai karya kumallo ba, wani tambayoyin sun faɗo inda bai karanta ba. A gwaji na gaba ba lalle rashin sa'ar ya maimaita ba, sai su matso tsakiya ko ba a yi musu komai ba. Na sama ma haka, sai dai su ƙasa suke matsowa, ga shi mai 95 ba shi da sauran wurin hawa sai maki biyar. Shi ya sa a zanen gangare na gwaji biyu, waɗanda ke can gefe a hagu sukan karkato tsakiya a dama, kuma wannan siffar ita kaɗai ba hujja ba ce a kan koyarwar kowa.

Mun yi sa'a akwai abin gwadawa. Cikin yara 14 da ke ƙasa da 30, tara ne suka riƙa zuwa darasin, biyar gidajensu da nisa ba sa iya tsayawa. Na ba rukunin biyu launi daban. Masu zuwa sun haura da maki 14 a matsakaici, marasa zuwa da 8. Abin da za a iya jingina wa darasin bai wuce tazarar shida ɗin nan ba, ita ma da taka-tsantsan, don yara biyar ba yawa ba ne, kuma wanda gidansa ke nesa yana da wasu matsalolin ban da rashin darasi.

Jajayen layuka huɗun na ɗauko takardun amsarsu na duba. Uku, har da mai lamba 19, a tambayoyin aljabara suka zubar da makin, waɗanda gwajin farko bai taɓa ba sam. Wato ba mantuwa suka yi ba, sabon darasi ne bai zauna musu ba, abin da zanen ba zai iya faɗa ba tunda ɗigo biyu kawai ya sani. Zango mai zuwa mun tsayar da cewa gwaje-gwajen biyu za su kasance bisa 40, da adadin tambayoyi ɗaya daga kowane babi, kuma za a ja na biyun ya kauce wa makon girbi.