Arahar tikitin Abuja da ta cinye mini N178,000

Lokacin da za mu tafi Umara, tikitin jirgi daga Kano ya fi na Abuja tsada da N140,000 a kan kowane mutum. Mu biyu ne, ni da mahaifiyata, wato N280,000 ke nan. Na zauna na yi lissafi: kujera a mota daga Unguwa Uku zuwa Abuja N22,000, mutum biyu zuwa da dawowa N88,000, tasi zuwa filin jirgi da dawowa N36,000. Jimla N124,000. Na ga rarar N156,000 a fili, na ce wa mai sayar da tikiti ya yanka na Abuja. Har yau idan na tuna takardar nan raina sai ya sosu, domin kuɗin hanya kawai na lissafa, ban dubi ƙarfe nawa jirgin zai tashi da ƙarfe nawa zai sauka ba. Duk asarar daga nan ta fito.

Jirginmu na ƙarfe 1 na rana ne. Jirgin ƙetare ana son mutum ya isa awa uku kafin tashi, kuma wajen awa ɗaya kafin lokaci ake rufe awon kaya. Ke nan ƙarfe 10 na safe ya kamata mu kasance a filin Nnamdi Azikiwe. Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, ta Zariya da Kaduna, kuma motar haya ba ta cika yin ƙasa da awa shida zuwa bakwai ba, ban da zaman jiran ta cika a tasha. Idan ka ƙirga baya, sai ka bar gida ƙarfe 3 na dare. Ba wanda zai ɗauki dattijuwa ya hau hanyar Kaduna a wannan lokaci. Dole muka tafi tun ana gobe tashi, muka kwana. Ɗaki biyu a Lugbe N70,000. Na ƙara sayen kujera ta uku don Hajiya ta miƙe ƙafa, mota ta zama N66,000. Tasi daga tasha zuwa masauki, da safe kuma zuwa filin jirgi, N28,000, abinci N12,000. Tun ba mu ga jirgi ba N176,000 ta tafi, ta wuce duk abin da na ware wa zuwa da dawowa.

Wanda bai saba da Abuja ba ya sani, filin jirginta ba kamar na Malam Aminu Kano ba ne da ke cikin gari, ɗan'uwanka ya sauke ka ya koma kasuwa. Na Abuja kimanin kilomita 40 yake daga tsakiyar birni. Idan motarka ta kai ka Jabi ko Utako, ka shige ciki ke nan, sai ka sake biyan kuɗin fitowa. Da na sani da a Zuba muka sauka, mu bi ta mahaɗar Giri, wadda ke fitar da mutum kan titin filin jirgi ba tare da ya shiga gari ba.

Amma zuwa wasa ne a kan dawowa. Mutum yakan tafi da jaka sakayau, ya dawo da kaya niƙi-niƙi, kuma wannan ne ban taɓa sa wa a lissafi ba. Kowannenmu yana da izinin jaka biyu masu kilo 23, kuma mun cika su taf da dabino da jallabiyoyi da tsarabar jikoki: jaka huɗu, kilo 92, ga kwalin zamzam mai lita 5 guda biyu, ga jakunkunan hannu. Jirgi ya yi latti, ga layin shige da fice, ga jiran kaya da kwastan, sai bayan la'asar muka fito. Ko a take muka samu mota, dare zai same mu kafin Zariya. Muka sake kwana, N70,000. Kayan ba su shiga ƙaramar tasi ba, sai babbar mota N30,000. Washegari Hajiya ƙafafunta sun kumbura, ta ce, "Ni dai kada ka kai ni tasha." Ba ma sai ta faɗa ba, ba direban da zai ɗauki kilo 92 a kan kuɗin kujera. Na ɗauki shata har ƙofar gida N170,000, abinci N12,000. Dawowa kaɗai N282,000.

Haɗa duka, N458,000 na kashe don in tsira da N280,000. Asarar N178,000, ga kwana biyu da suka tafi a banza, ga tsohuwa da ta yi mako tana jinyar ƙafa. Wannan na ƙarshen ya fi ci mini rai.

A daren da muka sake kwana a Abuja na duba sauran hanyoyi, kowace da nata cikas. Jirgin cikin gida Abuja zuwa Kano kimanin awa ɗaya ne, sai dai nauyin da yake yarda da shi bai kai na ƙetare ba, ragowar kuma kilo-kilo ake biya. Ga wanda ke tunanin yin amfani da shi a zuwa, akwai haɗarin da ya fi wannan: tikiti biyu ne daban. Idan hazo ya tsayar da jirgin Kano, kamar yadda yakan faru a Disamba da Janairu, jirgin ƙetare ba ruwansa. Za a rubuta ba ka zo ba, kuma yawanci tikitin dawowarka ma ya mutu tare da shi. Idan kuwa haɗin yana cikin tikiti ɗaya, nauyin sake maka jirgi yana kan kamfani. Jirgin ƙasa na Idu zuwa Rigasa yana da sauƙi ga jiki, amma Kaduna ya tsaya. Saura fiye da kilomita 200, kuma za ka sauke ka loda jaka huɗu har sau uku.

Ba cewa nake Abuja ba ta taɓa yin riba ba. Matashi shi kaɗai, da jakar goyo, yana da ɗan'uwan da zai kwana wurinsa a Kubwa, jirginsa na yamma ne, wannan zai ci rararsa lafiya. Mutumin Kaduna ma lissafinsa daban ne, tunda yana tsakiya. Amma kowane ƙarin mutum, musamman tsoho ko yaro, da kowace ƙarin jaka, suna zaftare rarar.

Yanzu kafin in dubi farashi, lokaci nake fara dubawa. In cire awa uku daga lokacin tashi, in cire awa bakwai na hanya da ɗaya ta ko-ta-kwana. Idan abin da ya rage ya faɗa kafin asuba, in rubuta kuɗin kwana. A dawowa in ƙara awa biyu a kan lokacin sauka, da awa bakwai na hanya, in ga ko zan shiga Kano kafin magariba; in ba haka ba, wani kwanan ne. Kuɗin motar dawowa kuma da farashin shata nake rubuta shi, ba na kujera ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, sai bayan mun dawo mai tikitin ya ce ai ana iya tashi daga Abuja a sauka a Kano a tikiti ɗaya, idan kamfanin yana zuwa biranen biyu. A shafin saye, Multi-city ake zaɓa, a sa ABV a tafiya, KAN a dawowa. Na ce, "Alhaji, me ya hana ka gaya mini tun farko?" Ya ce ai mafi araha na tambaya.