A Wane Ofis "A" Yake Zaune?

Ina kwashe kayana jiya na ci karo da minit ɗin da ya kusa cin aikina. Shekara shida na yi ina sakataren kwamitin gudanarwar makarantar nan, amma wannan takarda ce kaɗai har yau nake jin zafinta.

Shafi bakwai ne cur. A lokacin gani nake ƙwarewar sakatare ita ce kada kalma ta faɗi ƙasa. Wanda ya yi gyaran murya ma sai da ya kusa shiga. Batun famfon burtsatsen ɗakin kwanan ɗalibai ya ci shafi biyu, har da cacar bakin da aka yi kan wanda ya kawo mai gyaran bara. A ƙarshe na rubuta: "An amince a gyara famfon kafin a dawo hutu."

Aka dawo hutu, ba ruwa. Ma'aji ya ɗauka mai kula da gine-gine zai kawo ƙiyasin kuɗi, shi kuma yana jiran ma'aji ya kira shi. Kwana tara muna sayen ruwan tanka. A zama na gaba shugaban makaranta ya ɗaga takardata gaban kowa ya ce, "Malam Sakatare, wannan 'a' ɗin da zai gyara famfo, a wane ofis yake zaune?" Aka kwashe da dariya. Ban ce masa daga bakinsa na kwafo jimlar ba. Laifi tudu ne.

Amma tambayarsa gaskiya ce. Hausa ta ba mu "an", "a" da "za a" don kunya da kara, a minit kuwa su ne maɓoyar kowa. Tun daga ranar, kowane batu layi ɗaya nake ba shi mai ɗauke da abu uku: me aka yanke, wa zai yi, yaushe. Da famfon ne yau, sai in rubuta: mai kula da gine-gine zai kawo ƙiyasi daga masu gyara biyu ranar 5 ga wata, ma'aji ya biya zuwa 9, a gwada ruwan ranar 14. Kai, ga shi ma na sake cewa "a gwada". Malamin ɗakin kwana ne zai gwada.

Abin da ya fi wuya shi ne katse manya kafin su tsallaka batu na gaba: "Ranka ya daɗe, sunan wa zan sa?" Sai ɗaki ya yi tsit, kowa ya duƙufa kan wayarsa. Idan ba a ba ni suna ba, ina rubuta cewa ba a yanke komai ba, ba na rufa wa kowa asiri.

Mutum biyu kan aiki ɗaya, ba mai yi. "Mako mai zuwa" ba rana ba ce. Musu ba ya shiga sai mai shi ya nemi a rubuta rashin amincewarsa. Minit ya fita washegari, tun ba a manta ba.

Na ƙarshe da na miƙa bai cika shafi ɗaya ba. Shugaba ya juya bayansa yana neman saura.